Inshorar Lafiya: Iyakar Da Ke Kare Asusu Da Iyakar Da Ke Kare Majinyaci

Idan ciwo ya fi ƙarfin asibitin Kamba aka rubuta takardar tura majinyaci zuwa Birnin Kebbi ko Sakkwato, akwai tambayar da dangi ke yi wa juna tun kafin a nemo mota: nawa za a nema? Wanda ya taɓa zuwa zai faɗi abin da ya kashe, wani ya faɗi ninkinsa, ƙarshe dai kowa ya ɗaure abin da ya samu a tafi da fatan zai isa. Haka abin yake a Bagudo, a Illo, a Ka'oje da ƙauyukan bakin iyakar Binin. Tsadar magani nauyi ce, amma rashin sanin inda tsadar za ta tsaya ya fi ta nauyi, domin shi ke sa magidanci ya sayar da shanun huɗa a tsakiyar damina, ko ya jinginar da fadamar shinkafa kan kuɗin da bai kai rabin darajarta ba.

Ana yawan cewa maganin wannan shi ne inshorar lafiya. Na yarda, amma da sharaɗi. Katin inshora yana rage abin da mutum ke biya a kowace ziyara, sai dai ba lalle ne ya tsayar da jimillar abin da zai biya a shekara ba. Abin da ke tsayar da ita ƙa'ida ce guda da ba a cika maganarta a ƙasar nan ba: a rubuta adadin kuɗi ƙayyadadde, a ce da zarar abin da mai inshora ya fitar daga aljihunsa kan magungunan da ke cikin tsarin ya kai wannan adadi, to ya gama biya na wannan shekara, sauran duka asusu ne zai ɗauka. Wannan ita ce iyakar biyan aljihu, kuma ra'ayina shi ne duk inshorar da ba ta da ita ta tsaya rabin hanya.

Yadda muke biya a yanzu

Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun daɗe suna nuna cewa fiye da kashi 70 cikin ɗari na kuɗin da ake kashewa kan lafiya a Najeriya daga aljihun mutane yake fita kai tsaye, a gaban tagar biyan kuɗi. Don rage wannan aka yi dokar inshorar lafiya ta ƙasa a 1999, tsarin NHIS ya fara aiki a 2005, sannan a watan Mayu na 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan sabuwar dokar da ta kafa hukumar NHIA, ta kuma wajabta inshorar lafiya a kan kowane mazaunin ƙasa. Jihar Kebbi tana da tata hukumar ta taimakekeniyar lafiya, KECHEMA, wadda ke yi wa ma'aikata da sauran jama'a rajista.

Mai katin inshora yana biya sau biyu. Na farko gudummawa, wadda ake cirewa daga albashi ko a biya a dunƙule, ko mutum ya yi ciwo ko bai yi ba. Na biyu kason da yake bayarwa ranar da ya je asibiti. A tsarin ma'aikatan gwamnatin tarayya, wanda ke ɗaukar ma'aikaci da matarsa ko mijinta da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara 18, wannan kaso shi ne kashi 10 cikin ɗari na kuɗin magani. Manyan hotuna irin su CT da MRI kuwa, ƙa'idojin tsarin na 2012 sun raba kuɗinsu biyu, rabi asusu, rabi majinyaci.

Kashi 10 kamar ba komai ba ne. A maganin zazzaɓin cizon sauro na naira dubu biyar, ɗari biyar ce. Amma kaso ba adadi ba ne, yana girma ne daidai da girman ciwo. Kashi 10 na naira miliyan uku dubu ɗari uku ne, wato albashin fiye da wata huɗu ga mai karɓar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka amince da shi a 2024. Ma'ana wanda ciwonsa ya fi tsanani, wanda ya kwanta ya daina nema, shi ne tsarin ya fi ɗora wa.

Wani abin lura kuma, waɗannan ƙa'idoji ba su rasa iyakoki ba. Akwai su, kuma a rubuce suke sarai. Kwanciya a ɗakin majinyata tana da adadin kwanakinta, 21 a shekara. Wankin ƙoda an yarda da shi ga wanda ƙodarsa ta tsaya farat ɗaya, zama shida. Duka waɗannan iyakoki ne na abin da asusu zai biya. Idan an kai su, asusu ne ke janye hannu, majinyaci ya ci gaba shi kaɗai. Iyakar da nake magana a kai akasin wannan ce: idan an kai ta, majinyaci ne ke janye hannu, asusu ya ci gaba. Asusu yana da dubban masu zuba kuɗi da zai raba wa asara, magidanci kuwa aljihu ɗaya gare shi. In dai za a kare ɗaya daga cikinsu daga bala'in da ba a san iyakarsa ba, a bayyane yake wanda ya fi cancanta.

Lissafin gida ɗaya

Bari mu ƙaddara misali da alƙaluman da na zaɓa don sauƙin lissafi. Malamin firamare ne a ƙaramar hukumar Dandi, albashinsa naira 90,000 a wata, wato miliyan ɗaya da dubu tamanin a shekara. Yana cikin tsarin da ke karɓar kashi 10 na magani da rabin kuɗin manyan hotuna. A ce tsarin ya sa iyakar biyan aljihu ta gida guda a kan naira 60,000 a shekara.

Maiɗakinsa tana da ciwon suga da hawan jini, maganinta na wata naira 30,000 ne, malam yana biyan 3,000. Daga Janairu zuwa Yuli ya biya sau bakwai, 21,000 ke nan, kuma kowane biya ana rubuta shi a lissafin gidan. A cikin Yulin, babban ɗansa ya faɗi da babur ya bugu a kai, aka tura shi Birnin Kebbi. Likita ya nemi hoton CT na naira 80,000, rabon malam 40,000. A nan iyaka ke shigowa. Saura 39,000 ya cika dubu sittin, don haka 39,000 zai biya, dubu ɗayan da ta rage ta hau kan asusu. Daga wannan rana ya gama.

Bayan tiyata an rubuta wa yaron magungunan naira 200,000, wanda da malam zai ba da 20,000 a ciki. Ba zai ba da ko kwabo ba. A Satumba an nemi hoton MRI na 120,000, rabonsa 60,000, shi ma asusu zai biya duka. Maganin uwargida na wata biyar da suka rage, dubu goma sha biyar, haka. Da babu iyaka, abin da gidan zai fitar a shekarar naira 156,000 ne. Da iyaka, 60,000. Bambancin 96,000 ya fi albashinsa na wata guda.

Akwai ma'aunin da ake amfani da shi a duniya: idan abin da gida ya kashe kan lafiya ya haura kashi 10 cikin ɗari na abin da yake samu ko yake kashewa, ana ɗaukarsa kuɗin magani mai karya gida. Ga malaminmu layin yana kan naira 108,000. Ba tare da iyaka ba ya tsallake shi duk da katin da ke aljihunsa. Da iyaka, bai kai ko kusa ba.

Sai dai amfanin bai tsaya kan rarar kuɗi ba. Tun watan Janairu malam ya san cewa komai munin shekara, dubu sittin ce asararsa kan abin da ke cikin tsarin. Abin da aka san adadinsa ana iya yi masa tanadi: a ware buhun shinkafa, a shiga adashi, a bar rago ɗaya a turke. Na biyu kuma, yana hana yanke magani a tsakiya. Likitoci sun saba ganin majinyacin da ya yi hoton farko ya ɓace kafin na biyu, ko mai ciwon suga da ke raba ƙwaya biyu don ta kai shi ƙarshen wata. Irin wannan mutum yakan dawo bayan wata uku da ciwon da ya ninka, kuma a lokacin asusun ne zai biya ninkin.

Abin da wasu ƙasashe suka yi

A Amurka dokar lafiya ta 2010 ta wajabta wannan iyaka ga mafi yawan tsare-tsaren inshora daga 2014. A 2025 mafi yawan abin da za a iya ɗora wa mutum ɗaya dala 9,200 ne, iyali kuma 18,400. Adadi ne guda ga mai kuɗi da talaka, ko da yake ana sassauta wa masu ƙaramin ƙarfi a wasu tsare-tsare, kuma gidaje da yawa ba su da wannan kuɗi a ajiye. Darasin shi ne iyaka tana iya kasancewa a rubuce amma a kafa ta inda talaka zai karye kafin ya isa.

Jamus ta bi wata hanya, wadda nake ganin ta fi dacewa da mu. A can kason da majinyaci ke biya ba ya wuce kashi 2 cikin ɗari na abin da gidansa ke samu a shekara, ga mai ciwon da ba ya warkewa kuma kashi 1. Mutum yana tara rasit ɗinsa, idan ya kai iyaka ya miƙa wa asusunsa, a ba shi shaidar cewa an yafe masa biya har ƙarshen shekara. Japan kuma tun 1973 tana da iyakar da ake lissafawa wata-wata, wadda a yau take hawa da sauka gwargwadon samun mutum. Hanyoyi sun bambanta, manufa ɗaya ce: a samu wurin da biyan majinyaci ke tsayawa.

Inda iyaka ba ta kaiwa

Wajibi ne a faɗa wa jama'a gaskiya, kada a sayar musu da abin da ba shi ba. Iyakar biyan aljihu tana ƙirga kuɗin da aka biya ne kan abin da ke cikin jerin tsarin, a asibitin da tsarin ya amince da shi. Gudummawar wata ba ta ciki. Kuɗin mota daga Kamba zuwa Birnin Kebbi, abincin mai jinya, kwanan da ya yi a kan tabarma a barandar asibiti, duka ba sa ciki. Wanda ya tsallaka Gaya ta Nijar ko Malanbil ta Binin ya biya da sefa, kamar yadda mutanen bakin iyaka ke yi idan can ta fi kusa ko sun fi yarda da hannun wani likita, rasit ɗinsa ba zai shiga lissafi ba. Mai ciwon ƙodar da ke buƙatar wanki sau biyu ko uku kowane mako har tsawon rai, idan tsarin zama shida kawai ya yarda da shi, zama na bakwai ya fita daga tsarin, iyaka kuma ba ta san da shi ba. Ke nan ingancin iyaka yana rataye ne da faɗin jerin abin da aka yarda a biya.

Babbar ɓarakar kuma a kantin maganin asibiti take. Mai kati ya miƙa takardar likita ta taga, a duba, a yi wa layi biyu alama da biro a ce, "Malam, wannan da wannan babu, sai ka duba waje." Ya fita bakin ƙofa inda kemis ke jere, ya saya da cikakken kuɗi, sau da yawa ba rasit. A takarda maganin yana cikin tsarin, a aljihu kuwa ya biya ɗari bisa ɗari. Mu koma ga malaminmu. Idan cikin magungunan 200,000 na ɗansa aka ce na 70,000 babu, abin da ya kashe ya tashi daga 60,000 zuwa 130,000, ya sake haura layin nan na 108,000, alhali littafin hukuma yana nuna an kare shi.

Saboda haka akwai alamomin da mai kati zai gane ko iyakar da aka yi masa alkawari ta gaske ce. Shin adadin a rubuce yake da naira, a takardar da aka ba shi? Na mutum ɗaya ne ko na gida duka? Wa ke tara lissafin, kuma ina zai je ya ga inda ya kai? Idan an ce magani babu, ana buga masa hatimi a takardar don a ƙirga abin da ya sayo? Idan an tura shi wani asibiti, lissafin yana binsa ko daga sifiri zai fara? Duk tsarin da ma'aikacinsa ya kasa amsa waɗannan, iyakarsa ta baka ce.

Akwai kuma matsalar juyawar shekara. Wanda ya kwanta a Disamba ya cika iyakarsa, Janairu na kamawa lissafi ya koma farko, ya sake biyan wata dubu sittin kan ciwo ɗaya. Ga ma'aikaci mai albashi da sauƙi. Ga manomin shinkafa ko gero, wanda kuɗinsa ke zuwa da kaka, ya fi dacewa shekarar inshora ta fara lokacin da amfanin gona ya shigo hannu, kuma wanda ya cika iyakarsa a watannin ƙarshe a rage masa ta shekara mai zuwa.

Wa zai biya?

Masu adawa da wannan tsari suna da hujjoji, kuma ba na banza ba ne. Na farko, kuɗin da aka ɗauke wa majinyaci ba ɓacewa ya yi ba, kan asusu ya koma. Gaskiya ne, amma a yi lissafi. A ce gidaje 10,000 ne a tsarin, biyu cikin kowane ɗari suka haura iyaka a shekara, kowanne da rarar naira 100,000. Gidaje 200 ke nan, naira miliyan 20. Idan aka raba wa kowa, naira 2,000 ce kan kowane gida a shekara. Ainihin alƙaluman sai hukuma ta fitar daga bayanan asibitocinta, amma siffar lissafin ba ta canzawa: masu babban ciwo kaɗan ne a kowace shekara, shi ya sa kare su yake da arha idan an yi taron dangi. Wannan kuwa shi ne ruhin takaful da malamanmu suka yarda da shi, kowa ya sa kaɗan don a ɗauke wa wanda jarrabawa ta faɗa wa.

Na biyu, an ce wanda ya daina biya zai riƙa zuwa asibiti ba dalili. Wanda ya kai iyaka galibi mai babban ciwo ne, ba wanda ke marmarin allura ba, kuma ba shi ke rubuta wa kansa hoto ko tiyata ba. Haɗarin gaske yana gefen masu rubuta takardar kuɗi. Idan asibiti ya san majinyaci ya daina duba farashi, ana iya kumbura lissafi ko a ƙara gwajin da ba a buƙata. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Toshe tsagar shi ne farashi ƙayyadadde ga kowane aiki, neman izini kafin manyan ayyuka, da binciken takardun duk gidan da ya haura iyaka. Tun da gidajen kaɗan ne, binciken ba zai gagara ba.

Na uku shi ne mafi nauyi: mafi yawan mutanen Kamba da Bagudo ba su da kati ma, to me iyaka za ta yi musu? Ga wanda ba ya cikin kowane tsari, babu. Mafi rauni daga cikinsu hakkinsu ne a ɗauke su kyauta ta asusun kula da lafiya a matakin farko da dokar lafiya ta 2014 ta kafa, wanda aka ware wa aƙalla kashi 1 cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya, da asusun masu rauni na dokar 2022. Amma ɗan kasuwar da ke safara tsakanin Kamba da Gaya, wanda ya ga yadda rufe iyakar Kamba daga Agusta 2019 zuwa Afrilu 2022, da kuma bayan juyin mulkin Nijar na Yuli 2023, ya tsayar masa da nema, mutum ne da ya san darajar lissafi. Idan aka ce masa ya zuba kuɗi don a rage masa kuɗin maganin zazzaɓi, zai ce wannan yana iyawa da kansa. Idan aka ce masa komai ya faru da iyalinsa bana ba zai wuce kaza ba, an ba shi abin da ba zai iya saya a kemis ba. Iyakar biyan aljihu ita ce hujjar shiga tsarin.

Abin da ya kamata a yi

Kirana ga KECHEMA da NHIA da 'yan majalisar dokokin Jihar Kebbi shi ne a sa iyakar biyan aljihu a cikin ƙa'idar kowane tsari da ke karɓar kaso daga majinyaci. A yi ta a kan gida, ba kan mutum ɗaya ba, domin tukunya ɗaya ake ci. A yi mata matakai biyu ko uku gwargwadon albashi ko ƙarfin mutum, kada ta kai kashi 10 na samun gida, a kuma sassauta wa masu ciwon suga, hawan jini da sikila. A ba kowane gida ɗan littafi da ake buga wa hatimi duk lokacin da aka biya, tun da ba kullum ake samun lantarki da sabis ba. Maganin da ke cikin jeri aka ce babu, a ƙirga kuɗinsa ko a mayar wa mai shi. Sannan duk shekara a buga adadin gidajen da suka kai iyaka da abin da aka kashe musu, jama'a su gani.

Ƙungiyoyin ma'aikata da na malamai, na manoman shinkafa da na 'yan kasuwa, su ma su sa wannan a gaba duk lokacin da aka kira su zaman tattauna gudummawa. Kai kuma mai karatu, ranar da aka kawo maka fom ɗin rajista, bayan ka tambayi nawa za ka riƙa zubawa, ka ƙara da tambaya ta biyu: idan shekara ta yi muni, nawa ne ƙarshen abin da zan biya? Ka nemi a rubuta maka amsar.